Yadda 'yan'uwa za su tsara shan maganin mahaifiyarsu da ranakun asibitinta ba tare da an yi karo ba

Mu biyar Inna ta haifa, kuma dukkanmu muna son a ce mu ne masu kula da ita. Son nan ne ya kusa ja mana. Wata Asabar Auta ta ba ta maganin safe ta wuce kasuwa. Na shigo wajen ƙarfe goma, na ga ledar magani a kan tabarma, na ce, "Inna, kin sha?" Ta yi shiru, ta ce, "Kamar dai ban sha ba." Na ɓalle na ba ta. Kafin Azahar gumi ya jiƙa mata riga, hannunta na rawa, tana magana ba kan gado. Muka gwada suga, na'ura ta nuna 52. A cikin abin da ta sha sau biyu akwai gilibenkilamid, maganin da ke saukar da suga ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba, kuma yana daɗewa a jikin tsoho. A asibiti muka kwana.

A gidan da 'ya'ya ke da yawa, ba mantuwa ce kawai ke kawo matsala ba. Wani lokaci mutum biyu ne ke ba da magani ɗaya, wani lokaci kuma kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ya bayar. Tsarin da zan bayyana shi muke bi tun daga wannan rana, ga mahaifiya mai shekara 74 da ke da hawan jini da ciwon suga. Magungunan naku za su iya bambanta, kuma likitanta ne kaɗai ke da ikon ƙarawa ko ragewa.

Mataki na farko: a zazzage duk maganin da ke gidan a faifai ɗaya

Ku zaɓi rana, ku shiga ɗakinta da izininta, ku tattaro komai: na cikin jaka, na ƙarƙashin filo, na cikin kwanon samira, na ledar da wata maƙwabciya ta kawo daga Umara. Har da jiƙe-jiƙe da garin magani da duk abin da take sha da sunan ƙarin lafiya. Kada wanda ya yi mata faɗa a kan abin da aka gani. In aka yi mata faɗa, gobe ɓoyewa za ta yi.

Sai a duba kowane kwali. Babban sunan da aka rubuta da ado sunan kamfani ne. Sunan maganin na ainihi yana ƙasa da ƙananan haruffa, tare da ƙarfinsa. A faifan Inna mun tarar da amlodifin, maganin hawan jini, kala biyu, kwali ja da kwali fari, kamfani daban-daban. Yaya Babba ya sayo ɗaya, ni na sayo ɗaya, ita kuma tana ɗauka ɗaya na hawan jini ne, ɗaya na zuciya. Wata rana tana shan duka biyun. Ashe abin da ya sa ƙafarta ke kumbura ke nan, tana kuma jin jiri in ta miƙe daga sallaya.

Mun kuma tarar da dikulofenak na ciwon gwiwa da ake sayo mata a kemis ɗin unguwa. Irin wannan maganin ciwon jiki yana taɓa ƙoda, yana ɗaga hawan jini, yana kuma iya jawo gyambon ciki, balle ga tsohuwa mai ciwon suga. Ba wanda ya taɓa faɗa wa likita tana shan sa, don a ganinmu ba ya cikin "maganin asibiti".

Duk abin da aka tara a zuba a jaka ɗaya a kai wa likitanta ko mai harhaɗa magani na asibitin, a ce ya ware wanda za a ci gaba da shi. Wanda aka dakatar da wanda ya wuce wa'adi a fitar da su daga gidan gaba ɗaya. Muddin suna ɗakin, wata rana sai sun koma bakinta.

Mataki na biyu: littafi ɗaya, kuma yana kwana inda take kwana

Ku sayi littafin rubutu mai kauri, irin na 'yan makaranta mai bango mai ƙarfi, ku ɗaure masa biro da zare. A shafin farko a rubuta sunanta, shekarunta, lambar katin asibiti, cututtukan da ake yi mata magani, maganin da jikinta ba ya so in akwai, da lambar wayar mutum biyu. A shafi na biyu a jera magungunan: sunan ainihi, ƙarfi, ƙwaya nawa, wane lokaci, da abin da yake yi mata, da Hausa yadda jikanta ɗan aji shida zai karanta ya gane.

Takardar likita takan zo da gajerun haruffa, kuma ya kamata duk ku san su: od sau ɗaya a rana, bd sau biyu, tds sau uku, nocte da dare. Wanda bai gane rubutu ba kada ya yi kirdado, ya tambaya kafin ya bar tagar karɓar magani.

Sauran shafukan kowane ɗaya mako guda ne. A ja layi bakwai na kwanaki, a raba safe da dare. Wanda ya ba da magani ya rubuta lokaci da sunansa a gurbin, bayan ya ga ta haɗiye, ba kafin nan ba. Na sa wannan sharaɗi ne don mun taɓa share ƙwaya uku a bayan katifa, duk an sa musu alama an sha. Doka ta biyu ita ce wadda da muna da ita da ban yi kuskuren Asabar ba: ba a tambayar Inna ko ta sha, littafi ake tambaya. Ba raini ba ne. Wanda ya shekara goma yana shan ƙwaya iri ɗaya kullum, safiyar jiya da ta yau duk ɗaya suke a ƙwaƙwalwarsa.

Wani zai ce me ya sa ba za a yi komai a waya ba. Mun gwada. Waya takan mutu, data takan ƙare, kuma wayar tana tafiya da mai ita. Matar Yaya Babba, wadda ita ce a gidan dare da rana, ba kullum take duba saƙo ba, amma littafi yana kan durowa tana gani.

Mataki na uku: a ɗaure lokacin magani da abin da ba ta fashi

Tsohuwa ba ta duba agogo, amma ba ta rasa salla, kuma ta san lokacin kokonta. Saboda haka da waɗannan muka ɗaure. Sau biyu a rana yana nufin tazarar kusan awa 12, sai muka sa na safe da karin kumallo ƙarfe 8, na dare bayan Isha'i tare da tuwo wajen ƙarfe 8. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ba da na safe ƙarfe 10, na dare da Magariba. Tazarar rana ta zama awa takwas ko tara, ta dare ta kai sha biyar. In an rubuta sau uku, kamar wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, ana neman kusan awa 8 tsakani: bayan Asuba ƙarfe 6, Azahar ƙarfe 2, sai 10 na dare.

Tsarin Inna a yanzu gajere ne. Da safe gilikilazid, wanda likita ya musanya mata da gilibenkilamid bayan abin da ya faru, sai metfomin 500, shi ma na suga, da amlodifin 10. Da dare metfomin 500 da atobastatin, mai rage kitsen jini. Kowannensu akwai abin da mai bayarwa zai riƙe a kai. Metfomin da abinci ake sha, don yana murɗa ciki in babu komai a ciki. Gilikilazid ba a ba da shi sai an tabbata abinci na gabanta kuma za ta ci, domin shi ma yana iya faɗar da suga. Ranar da ta ce bakinta ba daɗi, ta ture kwano, ba a tura mata shi a ce ai lokaci ya yi, a kira likita ko ma'aikaciyar jinya a ji. Haka ranar amai da gudawa: ruwan jiki na raguwa, metfomin na iya zama haɗari, a tambaya a ranar. In akwai maganin sa fitsari a cikin na mahaifinku, irin furosamid, da safe ake so, in ba haka ba zai kwana yana zirga-zirgar banɗaki cikin duhu, kuma a nan tsofaffi ke faɗuwa.

In an manta fa? Ga yawancin magungunan hawan jini, in an tuna bayan 'yan awanni sai a bayar, in lokacin na gaba ya kusa sai a bar wanda ya wuce. Ba a haɗa biyu don a rama. Maganin suga kuwa yana tafiya da abinci, don haka ku tambayi likita tun wuri me za a yi da kowane ɗaya, ku rubuta amsar a shafi na biyu.

Akwatin magani na roba mai gida-gida, kwana bakwai safe da dare, ya rage mana rabin wahala. Mutum ɗaya ke cika shi, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, yana duba shafi na biyu, wani na kallo. In ka zo ka ga gidan Talata da safe babu komai, an bayar. Kwalayen kuwa a kulle su a durowa, nesa da jikoki, nesa da taga da kicin. Yawancin ƙwayoyi an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, kuma kowa ya san yadda ɗakin kwano yake a watan Afrilu. A nemi wuri mafi sanyi a gidan. Wasu ƙwayoyin ba sa son a ɓalle su daga ledarsu kwanaki kafin a sha, don haka a nuna wa mai harhaɗa magani akwatin ya duba.

Mataki na huɗu: kowane aiki da sunan mutum ɗaya

"Mu duka za mu riƙa dubawa" ba tsari ba ne. Jakin gayya shi ke kwana da yunwa. Mun zauna, Inna na wurin, muka raba aiki huɗu.

Mai bayarwa shi ne wanda ke gidan a wannan lokaci. A wurinmu matar Yaya ce da safe, Auta da dare. In ɗayansu za ta fita biki ko unguwa, ba ta fita sai ta damƙa wa wani da baki, shi kuma ya amsa ya karɓa. Mai littafi, wato ni, shi ke cika akwati, ya ƙirga saura, kuma shi kaɗai ke gyara shafi na biyu. Mai rakiya shi ke kai ta asibiti. Mai kuɗi kuwa ƙanenmu ne da ke aiki a Legas. Kowa na tura masa nasa a farkon wata, shi ke biyan magani da gwaji, ya turo hoton rasit. Wanda ke nesa yakan ji kamar an bar shi a baya, sai ya riƙa bugo waya yana ba da umarni. Ba shi aiki na gaske ya fi a yi ta jayayya da shi.

Abu guda da zan ja kunne a kai: matar ɗan'uwa ko 'yar riƙo da ke tashi da Inna kullum ta fi ku sanin yadda ta kwana. A sa ta cikin shawara, a kuma ba ta ranar hutu. In ta gaji, tsarin duka ya rushe.

Muna da zaure a WhatsApp, mu biyar da matar Yaya, kuma ba a tura komai a ciki sai maganar lafiyar Inna. Gaisuwar Juma'a da wa'azi suna da nasu zauren. Kowane dare Auta kan turo layi ɗaya: an ba da na safe da na dare, jini 138/82, suga da safe 124, ta ci abinci. In akwai sauyi daga likita, mai rakiya ya ɗauki hoton takardar ya turo a ranar, ni kuma in gyara littafi da akwati kafin maganin dare. Ba wanda ke sauya magani saboda abokinsa likita ya ce, ko don an ga wani bidiyo. Shawarar da aka samo a waje a rubuta ta a shafin tambayoyi, a kai wa likitanta.

Na'urar gwada suga iri biyu ce. Wata na nuna mg/dL, wata mmol/L, kuma bambancinsu ninki 18 ne: 7 a wannan shi ne 126 a waccan. Ƙanwata ta taɓa turo "suga 6" hankalin kowa ya tashi, alhali 108 ke nan. Ku tsaya a kan na'ura ɗaya.

A bangon littafi daga ciki mun rubuta abin da ba ya jiran shawara. Suga ƙasa da 70 a na'urar mg/dL, ko gumi da rawar jiki da ruɗewa: in tana iya haɗiya, a dama sukari ƙaramin cokali uku zuwa huɗu a ruwa a ba ta, a sake gwadawa bayan minti 15, in ya hau a bi da abinci, a kuma sanar da likita. In ba ta cikin hayyacinta ba a ɗura mata komai, sai asibiti. Karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, sarƙewar harshe, ciwon ƙirji, ko jini ya kai 180/120 tare da ciwon kai mai tsanani ko dishi-dishin gani: wanda ke kusa ya sa ta a mota, a kira Yaya Babba daga hanya.

Mataki na biyar: lissafin ƙwaya

Wannan shi ake rainawa, kuma shi ke sa a wayi gari ba magani. Ga misali. An ga likita, aka fara sabon zagaye ranar 1 ga Maris, aka ce a dawo bayan mako 12, wato kwana 84, 24 ga Mayu. Metfomin biyu a rana, ana bukatar 168. Kuɗin da ke hannu ya sayi 100 kawai. Ɗari a raba biyu kwana 50 ke nan, zai ƙare 19 ga Afrilu, saura fiye da wata guda kafin ranar asibiti. Don haka a ranar da aka sayo nake rubuta "sayen metfomin" a shafin 12 ga Afrilu, mako guda kafin ya ƙare, in kuma gaya wa mai kuɗi tun a lokacin. Ragowar 68 ne, amma mukan sayi 90, domin ranar asibiti na iya gocewa saboda hutu ko yajin aiki.

Lissafin yana tona asiri kuma. In littafi ya ce saura 30 amma ka ƙirga 44, an tsallake na mako guda a wani wuri, ko ana sa alama ba a bayarwa. In sun gaza, ko ana ninkawa, ko Inna na ba ƙawarta mai irin ciwon. Wannan ma mun gani. A saya a kantin magani ɗaya mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, in kuma an ba ku kwalin wani kamfani daban a nuna wa masu bayarwa cewa magani ɗaya ne.

Mataki na shida: ranar asibiti tana farawa mako guda kafin ta

Da zarar an ba da rana, kafin a bar harabar asibitin, mai rakiya ya duba kalanda: ba ta faɗa hutun Salla ba, kuma ranar ce da likitocin wannan sashe ke zama? Asibitocin gwamnati da yawa kowane sashe da ranarsa. Sai ya rubuta a katin, a littafi, a zaure, a kuma sa sunan mai kai ta da wanda zai maye gurbinsa. Inna na ganin likitan suga da hawan jini duk wata uku, likitan ido sau ɗaya a shekara. Mukan roƙi a haɗa mata abin da zai haɗu a rana ɗaya, don zaman layi sau biyu a mako yana kwantar da ita.

Gwaje-gwajen da aka rubuta, kamar na ƙoda da HbA1c mai nuna matsakaicin suga na kusan wata uku, a yi su kwana biyar zuwa bakwai kafin ranar, don sakamako ya riga ku fitowa. Zuwa gaban likita ba sakamako asarar rana ce. In gwajin na kafin cin abinci ne, za ta kwana awa 8 ko fiye ba ta ci ba, ruwa kawai. A nan ake kuskure mai haɗari: a ba ta maganin suga a gida da sassafe, a je a zauna layi har sha ɗaya ciki ba komai. A riƙe maganin suga a jaka tare da kunu a fulas da ƙosai, ana ɗibar jini ta ci ta sha. Maganin hawan jini kuwa yawanci ana sha kamar kullum ranar ganin likita, sai in shi ya ce a bari, don ya ga yadda yake aiki.

Jakar asibiti a haɗa ta da dare: kati, littafi, kwalayen magani duka, sakamakon gwaji, ruwa, abinci, ƴan ƙwayoyin sukari, da darduma. A shafin tambayoyi kowa ya riga ya faɗi nasa cikin makon, ni kuma in zaɓi uku mafi nauyi in sa a sama, don likitan da ke da layin mutum hamsin ba zai ba ku rabin awa ba. A gaban likita a bar Inna ta fara magana. Za ta ce "Alhamdu lillahi, da sauƙi," ko da ta kwana uku ba barci. Sai mai rakiya ya ce, "Inna, ki bari in ƙara da abin da muka rubuta," ya buɗe littafi. Kafin ya tashi ya maimaita wa likita abin da ya fahimta: wanne aka ƙara, wanne aka cire, daga yaushe.

Mun gwada karɓa-karɓa wajen rakiya, kowane zuwa da sabon mutum, don a yi adalci. Bai yi ba. Likita ya tambayi yadda kumburin ƙafa ya kasance tun zuwan baya, mai rakiyar ranar bai ma san an yi maganar ba. Yanzu mutum biyu ne kawai ke musaya, sauran su ɗauki kuɗin mota da abincin ranar.

Azumi kuma a sa shi cikin kalandar asibiti. Inna ba ta yarda a ce mata kada ta yi, don haka tun a Rajab, mako shida zuwa takwas kafin Ramadan, muke neman ganin likita ya faɗa ko jikinta zai ɗauka, in zai ɗauka ya sake tsara wanne da buɗa-baki, wanne da sahur, da adadin da za a rage. Mu ba ma mayar da na safe sahur da kanmu. Mukan roƙe shi ya faɗa mata da bakinsa lambar da in suga ya sauka ƙasa da ita za ta karya, don daga gare shi ta fi karɓa. Sai in ja sababbin layuka na kwana talatin, in goge "safe" da "dare" a murfin akwati in manna "sahur" da "buɗa-baki".

In za ta tafi kwana biyu gidan ɗaya daga cikinmu, littafi da akwati da na'urar suga suna shiga jakarta kafin zannuwa. Wanda ya kai ta ya buɗe shafin ranar a gaban mai karɓa, ya nuna masa gurbin ƙarshe da aka cike, mai karɓa ya sa hannu a ƙasa, sannan a zauna gaisawa.